Nobel ɗina na farko: kalmomi nawa, babi nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, don Allah shawara nake nema. Nobel ɗina na farko nake rubutawa, labarin wata mata ce Hindatu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, yayan mijin ya riƙe gida da shago. Na yi babi 6, kalmomi 19,000, amma har yanzu ana zaman makoki ne, rigimar gadon ma ba ta fara ba. Ƙawayena sun ce in bai kai feji 100 ba babu mai saya. Kalmomi nawa ya kamata in yi gaba ɗaya, kuma babi nawa?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Bari in fara ba ki lambar tukunna, sai in faɗa miki inda na samo ta. Irin wannan labarin naki, na mutum ɗaya da matsala ɗaya, kuma littafin farko, ki sa ranki a kan kalmomi 45,000 zuwa 55,000, babi kamar 24, kowane babi wajen kalmomi 2,000. In kin sauka 40,000 ba laifi, in kin hau 60,000 ma ba laifi, amma da zarar kin ga kina doshin 80,000 to ki tsaya ki duba, akwai abin da ya shiga cikin labarin wanda ba nasa ba.

Toh ita wannan lambar ba daga sama na tsinko ta ba, kuma ba na so ki ɗauke ta don kawai ni na faɗa, so nake ki iya fitar da ita da kanki daga cikin labarin, don gobe in kin tashi rubuta na biyu ba sai kin tambayi kowa ba.

Abu na farko, ki daina auna littafinki da feji. Abin da marubutanmu na onlayin suke ce wa feji ba ma'auni ba ne, fostin ɗin rana ɗaya ne kawai, wata fejinta kalmomi 800 ne, wata 3,000, wata kuma ta haɗa biyu ta rubuta 21&22 a kai alhali abu ɗaya ne. Kinga idan mutum biyu suka ce kowacce ta yi feji 100, ɗaya tana iya zama da kalmomi 80,000 ɗaya kuma 300,000, kusan ninki huɗu kenan. Shi ma shafin takarda haka yake, ki ƙara girman rubutu kaɗan shafuka su ƙaru, ki rage su ragu. Kalma ce kaɗai ba ta canzawa, shi ya sa editoci da masu gasa duk da ita suke magana. Ko gasar Hikayata ta BBC Hausa in kin lura ba sa cewa shafi kaza, cewa suke kalmomi 1,000 zuwa 1,500. Tunda har kin san kina da 19,000 na san kin iya dubawa, amma saboda masu karanta wannan da ba su sani ba: a Word lambar tana nan ƙasa gefen hagu, a Google Docs na waya ki taɓa ɗigo ukun nan na sama ki zaɓi `Word count`, a kwamfuta kuma `Ctrl+Shift+C`. Mai rubutu a littafin makaranta da biro sai ta ƙirga kalmomin layi biyar ta raba biyar, ta ninka da yawan layukan shafi, sannan ta ninka da yawan shafukan da ta cika.

Akwai wani abu da ya shafi Hausa kawai da nake so ki lura da shi a lissafin. Mafi yawanmu a waya haɗe kalmomi muke yi, a rubuta "tace masa bazata jeba", na'ura ta ƙirga huɗu, alhali a daidaitacciyar Hausa "ta ce masa ba za ta je ba" ne, kalmomi takwas. Ba kowace jimla ce take ninkuwa haka ba, amma in ke mai haɗewa ce to 19,000 ɗinki ya fi haka in an gyara ƙa'idar rubutu, kuma edita ko mai ɗab'i da gyararren zai yi miki lissafi. Don haka ki ɗauki babi ɗaya ki raba kalmominsa yadda ya kamata, ki ga nawa ya ƙaru, sai ki san ainihin inda kike.

Sai maganar lambobin da za ki ci karo da su in kin yi bincike. Za ki ga ana cewa nobel na farko ya zama 80,000 zuwa 100,000. Wannan gaskiya ne amma na kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka ne, su ke da wannan tsarin saboda kaurin littafin da suke so a kan kanta da kuɗin da za su sa masa. In Turanci kike rubutawa kina neman wakilin da zai kai littafinki ga kamfanonin ɗab'i a can, to dole ki kula da shi. Ko a can ɗin ma, masu ba da kyaututtukan Hugo da Nebula daga kalmomi 40,000 suke fara kiran labari nobel, abin da ke tsakanin 17,500 da 40,000 matsakaicin labari ne a wurinsu. Mu kuma a Hausa ba da dogayen littattafai muka fara ba. Gasar da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, labarai na wajen kalmomi 20,000 aka nema, kuma duk wanda ya taɓa riƙe su ya san sirara ne, amma ga shi har yau ana karanta su a makarantu. Littattafan kasuwar Kano da suka biyo baya daga shekarun 1980 su ma ƙanana ne, in labarin ya yi tsawo sai a raba shi na 1, na 2, na 3 saboda kuɗin bugawa da kuma aljihun mai saye. Wannan tsawon na feji 100 zuwa sama, da waya ya zo, lokacin da takarda ta daina cin kuɗin marubuciya. Ba na cewa duk dogon labari ba shi da kyau, akwai masu riƙe zare har ƙarshe ba ki gaji ba, amma ki duba za ki ga yawancinsu sun daɗe suna yi, kuma labarinsu na gidaje uku ko huɗu ne a haɗe, ba na mace ɗaya da gado ɗaya ba.

Yanzu ga yadda ake fitar da lambar. Ba da babi ake farawa ba, da fitowa ake farawa. Fitowa ita ce abu ɗaya da ya faru a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, wanda bayan ya faru wani abu ya canza, misali yayan miji ya shigo ranar sadakar uku ya ce a ba shi makullin shago zai riƙa kula da shi kafin a natsu, Hindatu ta miƙa masa don kunya da idon mutane. Wannan fitowa ɗaya ce. Ki samu takarda ki jera duk irin waɗannan tun daga rasuwar har zuwa inda labarin ya ƙare, kowacce layi ɗaya tak, kar ki yi bayani. Labari mai zare ɗaya irin naki yawanci za ki tarar da fitowa 40 zuwa 55. Ita kuma fitowa in an rubuta ta cikakkiya, da maganganu da motsi da abin da ke cikin zuciya, tana cin kalmomi 800 zuwa 1,200, ki ɗauki 1,000 a matsayin tsakiya. Fitowa 48 sau 1,000 ya ba ki 48,000. In kin zuba fitowa bibbiyu a kowane babi, ga babi 24 nan ya fito da kansa ba ki ƙaƙaba masa ba. In kin jera kika ga fitowa 20 kawai gare ki, to matsakaicin labari ne a hannunki na kalmomi 20,000 zuwa 25,000, ki rubuta shi a haka ki ji daɗinki, kar ki ja shi. In kuma kin ga 90, to ko dai labari biyu kika cakuɗa ko kuma rabinsu ba fitowa ba ne, zirga-zirga ce.

Bari mu zauna a kan naki, don a nan matsalar take. Ma'aunin da nake amfani da shi in ina duba rubutun sababbin marubuta shi ne, kashi ɗaya cikin huɗu na farko na shimfiɗa ne, rabi na tsakiya na gwagwarmaya, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe na warwara. Ba doka ba ce, ma'auni ne na gane ko an karkace. A littafi mai 48,000 shimfiɗa ba za ta wuce 12,000 ba, kuma kafin ta ƙare dole mai karatu ya san wace ce Hindatu, me aka ƙwace mata, waye ya ƙwace, kuma ta yanke shawarar ba za ta yi shiru ba. Ke kin ci 19,000 rigima ba ta ma leƙo ba. A ce sai a 25,000 za ki gama shimfiɗa, ki ninka sau huɗu, littafin kalmomi 100,000 kike shirin rubutawa ba ki sani ba, kuma labarin gado ɗaya ba shi da kayan da zai cika wannan wurin, sai dai ki fara ƙirƙiro kishiyar da ba a san da ita ba, da saurayin da ya dawo daga Dubai, da boka, don kawai ki cike. Daga nan ne littattafai da yawa suke lalacewa, marubuciyar ta gaji a feji 60 ta ajiye, ko ta dunƙule ƙarshen a feji biyu.

Ban karanta babin naki shida ba amma zan iya faɗa miki inda kalmomin suka tafi, don kusan wuri ɗaya suke tafiya a wurin kowa. Gaisuwa cikakkiya duk lokacin da wani ya shigo, ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, Allah ya jiƙansa, amin amin, kuma masu gaisuwar sun kai goma kowa an ba shi nasa layin. Sai abincin da maƙwabta suka kawo da irin kular da aka zubo shi. Sai kiran waya da Hindatu take ba wa yayarta labarin abin da mai karatu ya riga ya gani da idonsa a babin baya. Sai babbar cikinsu, wato "Wace ce Hindatu?", a tsayar da labari cak a koma tun auren kakanta, a yi babi biyu ana asali. Ki buɗe rubutunki ki sa wa duk irin waɗannan wuraren launi, ina da yaƙinin za ki ga sun kai rabi. Zaman makoki yana buƙatar mai gaisuwa ɗaya ko biyu da zuwansu zai taɓa labarin, misali matar yayan mijin da take zagaya ɗakuna da ido tana ƙiyasta kaya. Asalin Hindatu kuma ki yanka shi gutsi-gutsi ki riƙa sakawa inda ake buƙata, ranar da mahaifinta zai ce ta bar musu gadon, a ranar ne mai karatu yake buƙatar sanin irin gidan da ta fito. Babi shidan nan naki in kin tace su da gaske za su koma kalmomi 7,000 zuwa 8,000, wato babi huɗu. Na san akwai ciwo a yanke abin da mutum ya kwana yana taifin, kar ki goge, ki buɗe wani fayil ki zuba su, wasu za su yi miki amfani a gaba.

Ga yadda ni zan shimfiɗa shi a babi 24, misali ne kawai don ki ga yadda lissafi yake zama a kan labari, ke kika san abin da zai faru a naki. Babi 1 zuwa 6, kalmomi 12,000: rasuwa a babi na 1 ba sai na 3 ba, karɓar makullin shago a babi na 2 ko na 3, kuɗin cefane ya fara yankewa, ta nemi takardar gida a inda marigayin yake ajiyewa ta tarar babu, a babi na 6 yayan mijin ya furta a fili cewa gidan na mahaifinsu ne ba na ƙaninsa ba, ita kuma ta ce ba ta yarda ba. Kinga shimfiɗa ta ƙare, kowa ya san abin da ake yi.

Babi 7 zuwa 18, kalmomi 24,000, nan ne cikin littafin, kuma labarinki ya zo da agogonsa a jikinsa, wato takaba, wata huɗu da kwana goma, mace tana zaune a gida ba ta da sakewar fita ta bi haƙƙinta, abokin rigimarta kuma yana waje yana sayar da kayan shago. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe babi goma sha biyu in kin bi shi mataki-mataki, kowane yunƙuri ya fi na baya nauyi: ta aika wa dattijon dangi, a yi zama a tashi ba a cimma komai ba, a kai wa liman ko mai unguwa, babban ɗanta ya je shagon a kore shi. A wajen babi na 12, tsakiyar littafi kenan, ki sako abin da zai juya fahimtar mai karatu, misali ta gano mijin nata ya ci bashin yayansa da gaske, ashe ba duka maganarsa ce ƙarya ba. A babi na 17 ko 18 ta kai ƙasa, nata mahaifin ya ce ta haƙura ta dawo gida. Babi 19 zuwa 24, kalmomi 12,000: fita takaba, kai ƙara kotun shari'a, neman shaidu, zaman kotu, hukunci, sai babi ɗaya na abin da ya biyo baya. A nan kar ki yi rowar kalmomi ko kaɗan, shari'ar ita ce abin da mai karatu ya biyo ki tun farko don ya gani, ki ba ta babi uku cikakku, a ji an cire bashi kafin a raba, a ji tumunin takaba, a ji cewa in mamaci ya bar ɗa namiji ɗan'uwansa ba ya cin gado. Ki zauna da malamin da ya san rabon gado ya duba miki wannan ɓangaren kafin ki sake shi.

Kin lura ban ce kowane babi sai ya zama 2,000 cif ba. Matsakaici ne. Babin da aka zo da labarin rasuwa yana iya zama 900 ya fi ƙarfi a haka, babin zaman kotu ya kai 3,500 ba wanda zai ji tsawonsa. Abin da ke yanke babi shi ne canji, ba lamba ba. Gwajin da nake ba kowa shi ne, ki rubuta layi ɗaya a kan kowane babi mai amsa tambayar me ya canza a nan. In amsar ita ce "an ci gaba da zaman makoki", wannan ba babi ba ne, ki narkar da shi cikin na kusa da shi. In kuma amsar ta ƙi shiga layi ɗaya, sai kin ce kaza ya faru sannan kaza sannan kuma kaza, to babi biyu ne ko uku kika cusa wuri ɗaya, kuma ina zargin naki masu kalmomi sama da 3,000 kowanne ba wannan ce matsalarsu ba, ta farkon ce. Sannan ki kula da inda kike tsayawa. Kar ki rufe babi da an yi sallar isha'i kowa ya kwanta, mai karatu ma sai ya ajiye waya ya kwanta. Ki rufe a daidai inda aka buɗe akwatin aka ga babu takardar, ko inda yaron ya dawo daga shago ya ƙi magana.

Ita ma gajartar tana da alamarta, kar ki ji na ce yanke ki koma gudu. In kin ga kina yawan rubuta "haka rayuwa ta ci gaba" ko "bayan an sha fama dai aka yi sulhu", kin tsallake fitowa ne, kin ba da rahoto a wurin da ya kamata ki nuna. Duk abin da ya canza alaƙar mutum biyu a labarin sai an gan shi yana faruwa, da bakinsu da fuskarsu. Abin da ake tsallakewa shi ne hanya, da girki, da kwanakin da ba abin da ya faru. Sababbin marubuta sau da yawa juyawa suke yi, a ba biki kamu da sa lalle da dina da walima babi huɗu, sannan saki ya zo a layi uku.

Sai ki duba inda littafin zai je, don shi ma yana da bakin magana a kan tsawo. In bugawa za ki yi, shafin A5 da rubutu madaidaici yana ɗaukar kalmomi 280 zuwa 300, kenan 48,000 zai ba ki shafi wajen 160 zuwa 170, littafi mai kauri daidai da za a ɗaure da gam a rubuta suna a ƙashin bayansa. Ki yi lissafin takarda da ma'aunin A4 don ki gane: falle ɗaya in an naɗe shi shafi huɗu ne na A5, shafi 160 falle 40 kenan a kwafi ɗaya, kwafi 500 falle 20,000, wato rim 40 tunda rim ɗaya falle 500 ne. In kin kai kalmomi 100,000 kin wuce rim 80, ga filet ɗin da injin ɗab'i ke bugawa da shi ya ninku, ga kuɗin edita ya ninku, kuma kuɗin da za ki sa wa littafin ba zai ninku ba don mai saye bai san sunanki ba tukunna. Masu ɗab'i kuma suna tsara shafuka ne takwas-takwas ko sha shida-sha shida, shi ya sa 160 lamba ce mai daɗi a wurinsu, ki tambayi naki kafin a gama tsara shafi.

In kuma a waya za ki sake shi, WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, babi mai kalmomi 2,000 daidai yake da zama ɗaya, minti goma zuwa sha biyar mutum ya gama. Kina iya sakin babi ɗaya a matsayin feji ɗaya ki samu feji 24, ko ki saki fitowa ɗaya-ɗaya ki samu feji 48, labarin bai canza ba. Wannan ita ce amsar ƙawayenki, adadin feji abu ne da ake yankawa bayan an gama, ba shi ake bi ana rubutu ba. Kuma mai biyan kuɗi ba feji take ƙirgawa ba lokacin da za ta tura kuɗinta, fejin kyauta ta karanta ta kasa haƙura. In na kuɗi za ki yi, babi shidan farko su ne na kyautar, ki tsaya daidai inda Hindatu ta ce ba ta yarda ba. Yanzu ki ɗauka da rubutunki na yanzu kika fita, kin ba da kalmomi 19,000 kyauta ana ta karɓar gaisuwa, me zai sa wata ta biya? In ma so kike a karanta shi a murya a YouTube ko rediyo, mai karatu a fili yana yin kalmomi 130 zuwa 150 a minti, 48,000 zai kama awa biyar da rabi zuwa shida, ya isa shiri mai kashi da yawa.

Shawarata mai ƙarfi a nan, kar ki fara fostin sai kin gama rubuta shi duka, ko aƙalla kin wuce babi na 18. Mai sakin labari tana rubutawa ba ta iya komawa baya ta yanke, kuma masu karatu za su yi ta ja miki labarin, wannan ta ce a aurar da Hindatu, waccan ta ce a haukata yayan miji, ki wayi gari kina feji 70 da labarin da ba shi kika ɗauko ba. Haka ma maganar littafi na 1 da na 2, ki bar ta tukunna, na farko ya zama cikakke da ƙarshensa a cikinsa.

Lokaci ma lissafi ne. In kina iya kalmomi 500 a rana, kwana biyar a sati, 2,500 kenan a sati, 48,000 zai ɗauke ki sati 19 zuwa 20, ƙasa da wata biyar. Littafi mai 150,000 da wannan saurin sati 60 ne, sama da shekara, ga makaranta ko aiki ko yara, ga rashin wuta da caji. Na fi so ki gama ɗaya ki koyi yadda ake rufe labari, don wannan ba a koyonsa sai an kai ƙarshen, kuma tacewa ma aiki ne da zai ci wata ɗaya ko biyu nasa daban. Ki bar wa kanki sarari a zubin farko, in ya kai 55,000 ba komai, tacewa za ta ɗauke kamar kashi goma cikin ɗari ki sauko wajen 50,000.

Abin da za ki yi a satin nan, kar ki rubuta babi na 7 tukunna. Ki jera fitowarki duka a takarda ki ƙirga su, ki ja layi a ƙarƙashin wadda Hindatu ta ce ba ta yarda ba, ki tabbatar ba ta wuce ta 12 ba a jerin. In ta wuce, waɗanda ke samanta ne za ki rage ko ki haɗe. Sannan ki koma kan 19,000 ɗin da launi a hannu, ki sauko da su 8,000, ki ɗora daga nan. In kin gama jerin ki turo min in duba miki tsakiyar, don a tsakanin babi na 9 da na 15 ne nake so in ga ko kowane yunƙurin Hindatu ya fi na bayansa nauyi ko kuwa zama ɗaya ake maimaitawa da mutane daban.